Kafin magini ya ɗora bulo a kicin ɗinki

"Na kama shago a wajen Wunti zan buɗe gidan abinci, tuwo da shinkafa da masa. Kicin ɗin ƙafa 12 ne da 10. Ya zan tsara shi kada ma'aikata su yi ta zirga-zirga?"

Hajiya, Allah ya sa albarka. Na daɗe a wannan sana'a a nan Bauchi, kuma abin da na ga yana cinye ƙarfin yara shi ne tazarar da ke tsakanin abinci da wurin miƙa shi. A ce taku shida ne daga kula zuwa taga. Zuwa da dawowa 12 ke nan, faranti 100 kuwa taku 1,200, yawanci a cunkoson azahar. Don haka fara da mai zuba abinci. Ta tsaya wuri guda, faranti a hagunta, kular tuwo da ta shinkafa a gabanta, miya da nama a dama, taga kuma inda hannunta zai kai. Tandar masa ma ki matso da ita kusa, tunda da zafinta ake so.

Sauran kicin ɗin sai ya bi bayanta. A bango mai ƙafa 12, daga ƙofar baya: firiza, teburin yankan kayan miya, murhu, sannan wurin zubi. Kaya su shigo ɗanye ta baya, su fita dafaffe ta gaba. Murhun tuwo dai ki sa a yi shi ƙasa-ƙasa, a bar wa muciya fili, don tuƙi ba ya yiwuwa a kan tebur mai tsayin ƙugu. Tukunyar gas a waje, inda iska ke kaɗawa.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne wanke-wanke. Sai a kai baho can ƙurya, yarinya ta ɗauko kwanuka masu datti ta ratsa bayan mai ɗauke da tafasasshiyar miya. Nan ake ƙonewa, nan ƙasa ke jiƙewa. Ki ba shi ɗaya bangon, kusa da gaba, da 'yar tagarsa daban. A wanke, a kife, mai zuba abinci ta juya ta ɗauka. Ki duba inda kwata take tun yanzu, domin tebur ana matsar da shi, kwata kuwa sai an fasa siminti.

In kowane bango ya ci ƙafa biyu da rabi, za a bar miki ƙafa biyar a tsakiya. Ya isa mutum biyu su gifta. Kada ki yarda ya gaza huɗu, kada kuma wani tebur ya shiga wurin.

Kafin ki biya magini, ki zana komai da gawayi a ƙasa, ki kira ma'aikatanki su yi kamar ana ciniki, faranti goma a jere. Duk inda kika ji an ce "gafara" sau biyu, hanyoyi ne suka haɗu a wurin, sai ki goge ki sake zanawa.