Jimilla ta ce 375,000, shafukan masu bashi sun ce 348,000

Tambaya: "Ina sayar da kaya a kan bashi, ni ma ina ɗauka a kan bashi. Ƙanena ne ke karɓar kuɗi, shi ne kuma ke riƙe da duk littattafai. A ƙarshen wata asusun jimilla ya nuna ina bin bashin 375,000, amma da na haɗa shafukan abokan ciniki sai na samu 348,000. Ya ce mu gyara jimillar kawai. In yarda?"

Alhaji, kada ka yarda, kuma kada alƙalami ya taɓa wannan jimillar sai an gano inda 27,000 ta shiga. Kuskurenka shi ne ka bar hannu ɗaya yana karɓar kuɗi, yana rubuta shafin kowane mai bashi, sannan yana haɗa jimillar da ya kamata ta kama shi idan ya yi kuskure. Ba cewa nake yi ƙanenka ba shi da amana ba, amma ko mai gaskiya ba ya iya zama mai duba aikin kansa.

Amfanin asusun jimilla yana nan ne ga inda yake samo lambobinsa. Shafin kowane abokin ciniki ana cika shi ne ɗaya bayan ɗaya daga rasit, shi kuwa asusun jimilla ana cika shi daga jimillar littattafan shigarwar farko, wato na cinikin bashi, na kuɗin da aka karɓa, da na kayan da aka dawo da su. Tunda ta hanya biyu aka bi, idan suka haɗu a lamba ɗaya akwai dalilin samun natsuwa. Wanda ya kwafi jimillar shafuka ya zuba ta a asusun jimilla, ya kashe amfaninsa gaba ɗaya.

Tunda ba ka aiko da lambobin watan ba, bari in ƙaddara su. A ce an shiga wata kana bin bashin 400,000, ka sayar da kayan bashi na 900,000, aka biya 850,000, aka dawo da kaya na 30,000, ka yi rangwamen 10,000, ka yafe bashin da ya mutu na 15,000. Akwai kuma mutumin da kake sayar masa kana kuma saye a wurinsa, kuka yi ragayyar 20,000 daga bashin da kuke bin juna. Idan ka cire waɗannan biyar daga 1,300,000, wato 400,000 da 900,000 a haɗe, saura 375,000. Cinikin kuɗi hannu ba ya shiga nan ko kaɗan.

Sai farautar gibin. Da farko ka raba shi da tara: 27,000 ta rabu daidai, kuma hakan yakan nuna an juya lambobi. Ka bi rasitai, mai yiwuwa ka tarar da cinikin 63,000 da aka rubuta 36,000 a shafin wani. Idan haka ne, shafin za a gyara, jimillar tana da gaskiya. Idan bai rabu da tara ba, ka raba shi biyu ka nemi wannan adadin, domin kuɗin da aka sa a ɓangaren da ba nasa ba yana haifar da gibi ninki biyu. Idan kuwa an yi kuskuren tarawa a littafin ciniki, to a irin wannan hali ne jimilla ke karɓar gyara, tare da rubuta dalili.

Bashin da ake binka ma haka yake, sai dai a juye: sayayyar bashi tana ƙara shi, biya da mayar da kaya da rangwamen da aka yi maka suna rage shi. Ragayyar 20,000 ɗin nan dole ta fito a asusun jimilla biyun da kuma shafukan mutumin biyu.

Amma daidaituwar lambobi ba ta wanke kowa. Na taɓa duba littattafan wani ɗan kasuwa da komai ya daidaita wata bayan wata, alhali ɗan'uwansa yana cin kuɗin abokin ciniki na farko, ya toshe da biyan na biyu, na biyun kuma da na uku. Rasit da ba a shigar ko'ina ba, ko kuɗin da aka sa a shafin wani, jimilla ba ta ganinsu. Abin da ya tona asirin shi ne aika wa kowane mai bashi takardar abin da ake binsa, sai ƙorafi ya fara zuwa.

Saboda haka daga wannan watan ka riƙe asusun jimilla da kanka, ka bar wa ƙanenka shafuka, karɓar kuɗi kuma ta koma hannun wani. Takardun masu bashi su fita daga hannunka, waɗanda masu ba ka kaya suke aikowa kuma kai za ka fara buɗe su ka gwada da shafukansu.