Likita, me kyanwata take nufi da wannan?

Tambaya: Likita, in na zauna sai magena ta hau cinyata tana danna ni da ƙafafun gaba kamar mai kwaɓin fulawa, har faratanta su kama min zani. Lafiya kuwa? (Amarya, Katsina)

Lafiya lau, amarya. Tun tana jaririya take haka, don 'ya'yan mage kan danna cikin uwarsu nono ya sauko. Ta girma da abin, kuma sai inda hankalinta ya kwanta take yi. Ki ɗora tsohon tawul a cinya, kada ki buge ta.

Tambaya: Muzuruna kwana biyu ba ya cin abinci, ya laɓe ƙarƙashin gado, amma yana ta wannan gurnanin na jin daɗi. Maƙwabcina ya ce in ba shi rabin farasitamol. (Malami, Gusau)

Malam, don Allah kada ka ba shi, ko ɓallin ƙwayar. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol yadda tamu take yi, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta. Fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya gagara. Na gaji da ganin magen da aka kawo min ita a haka, mai ita yana cewa "ai ɗan kaɗan na ba ta."

Shi wannan gurnanin daga maƙogwaro yake fitowa, tsokar wurin ce take karkarwa, shi ya sa ba ya yankewa ko tana shaƙar iska ko tana fitarwa. Yawanci daɗi ne, gaskiya. Amma mage kan yi shi tana naƙuda, kan yi shi tana cikin ciwo, ni kaina mage mai karyayyar ƙafa ta sha yi min shi a kan teburin asibiti. Saboda haka jikin za ka duba. Wadda ta miƙe, ta lumshe ido, tana ci tana sha, ƙalau take. Naka ya ɓuya, ya bar abinci kwana biyu. Ka kai shi asibitin dabbobi yau, kada ka jira gobe.

Tambaya: Sau uku ke nan ina tashi da asuba in tarar kyanwarmu ta ajiye mataccen ɓera a ƙofar ɗakina. Surukata ta ce turo ta aka yi, a kai ta daji a yar. Ni kuma na tsorata. (Uwargida, Bauchi)

Uwargida, ki kwantar da hankalinki, ki kuma lallashi Mama. Ba wanda ya turo ta. Mage ba sai ta ji yunwa take farauta ba, ko ta ƙoshi motsin ɓera kawai ya ishe ta. In ta kama, takan ɗauko shi zuwa inda ta fi amincewa da shi don kada wani ya ƙwace, kuma a gidanku ƙofar ɗakinki ce wurin. Uwar mage ma haka take kawo wa 'ya'yanta in sun kai kamar wata guda, da fari matacce, daga baya mai sauran rai, su koyi kamu. Asuba kuwa lokacin farautarta ne. Aikin da aka kawo ta gidan ta yi, shi take yi.

Abin da ya dame ni shi ne ɓeran. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashi da jinin ɓera yake kama mutum, kuma ya fi yawa da rani. Bauchi na cikin jihohin da yake yawan ɓulla. Kada ki ɗauki ɓeran da hannu, kada ki aiki yaro ya jawo shi ta wutsiya. Ki sa hannu cikin leda, ki zuba masa bilic da aka sirka, murfi ɗaya a murfi tara na ruwa, ki ɗaure shi a wata ledar a binne da zurfi. Wurin ma ki jiƙa shi da bilic ɗin kafin ki goge, kada ki share shi a bushe ƙura ta tashi. Sannan ki wanke hannu da sabulu.

Idan cikin mako uku wani a gidan ya yi zazzaɓin da maganin maleriya bai saukar ba, da ciwon maƙogwaro ko amai, a tafi asibiti, a gaya wa likita maganar ɓeran. Ban ce kemis ba, asibiti. Maganin ya fi aiki in an fara da wuri.

Wani abu kuma: in akwai mai sa maganin ɓera a gidan ko a maƙwabta, mage na iya cin ɓeran da ya ci guba. Wani nau'in sai bayan kwana uku zuwa biyar yake nunawa, ki ga ta yi laushi, dasashi ya yi fari, jini na fita ta hanci. Kada a ɗura mata manja ko madara, shaƙe ta kawai za a yi. Akwai allurarsa a wurinmu, ki kawo ta tare da kwalin maganin in an same shi.

In kina son ta rage kawowa, ki rufe ta a ɗaki daga magariba zuwa wayewar gari, ki kuma riƙa ja mata igiya mai ɗan tsumma a baki tana bi tana cafkewa, ko na minti goma ne, kafin ki ba ta abincin dare.