Jakar ruwa a ƙoda: wacce za a bari, wacce za a sake dubawa

Tambaya: "Salam 'yan uwa. An yi wa Mamana sikanin ciki saboda ciwon matsarmama, shekararta 58. A takardar an rubuta akwai simple cyst mai santimita 4.2 a ƙodar dama, da complex cyst mai santimita 2.3 a ta hagu. Likita ya ce ta yi CT saboda ta hagun. Ni kuma babbar ce ta tayar mini da hankali. Me ya sa ya ƙyale babbar ya bi ƙaramar? Ciwon daji ne?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Na daɗe ina aiki a ɗakin hoto na asibiti, kuma abin da likitan nan ya yi shi ne daidai. A wannan sha'anin ba girman jakar ake fara dubawa ba, abin da ke cikinta da yanayin bangonta ake dubawa.

Ki ɗauki ta daman tukuna. Kafin mai sikanin ya rubuta simple, sai ya ga jakar ta fito baƙa wuluk a allo, babu ko ɗigo a cikinta, bangonta siriri ne sumul har ba a iya auna shi, sannan bayanta ya yi haske saboda sautin na'urar ya ratsa ruwa zalla ba tare da wani abu ya tare shi ba. Idan waɗannan sun cika, ruwa ne kawai a cikin 'yar fata. Irin wannan ruwan dare ce ga wanda ya haura hamsin, da wuya rana ta wuce ban ga ɗaya ba. Ba ta rikiɗa ta zama daji, ba ta buƙatar magani, ba ta buƙatar a riƙa maimaita hoto, ko da ta ƙara 'yan milimita a shekara. Ana waiwayarta ne kawai idan ta yi girman da take danna wani abu har ta sa ciwon kwiɓi, ko ta tare hanyar fitsari, ko ta kamu da ƙwayar cuta.

Kalmar complex kuwa ba sunan cuta ba ce. Ma'anarta mai sikanin ya ga wani abu da ya hana shi rantsuwa cewa ruwa ne zalla: wataƙila zare-zaren bango da suka raba cikin jakar ɗaki-ɗaki, ko bango mai kauri, ko ɗan farin abu mai tauri kamar alli, ko ruwan ya gurɓace saboda tsohon jini. Yawancinsu ba daji ba ne. Amma sikanin ciki na yau da kullum ba ya iya amsa babbar tambayar, wato ko akwai tsoka mai rai da jini ke shiga cikinta. Shi ya sa ake tura mutum CT ko MRI, a ɗauki hoto kafin allurar rini, a sake ɗauka bayanta. Ruwa ba ya shan rini. Tsoka mai jijiyoyin jini tana sha, sai ta yi haske. A CT ana auna wannan da HU, ma'aunin hasken abu a hoton: ruwa zalla ba ya wuce 20, kuma idan wani sashe ya ƙaru da 20 ko fiye bayan allura, to ya sha rini. Ƙarin da bai kai 10 ba ba komai ba ne, abin da ke tsakani kuma yakan sa a nemi MRI.

A nan nake roƙonki ki kula, domin kuskuren da na fi gani ke nan. Wani dattijo ya zo mana da hoton CT da aka yi masa a wani wuri ba tare da allura ba, saboda an ce masa ya fi sauƙi. Hoton ya fito tsaf, amma bai amsa komai ba, dole aka sake. Na ji zafin abin, ga ɓarnar kuɗi ga ƙarin haskawa a banza. Ki tabbatar takardar ta nuna hoton ƙoda ne mai allura, gabanta da bayanta. Za su nemi gwajin aikin ƙoda tukuna. Idan sakamakon gwajin, wato eGFR, ya yi ƙasa da 30 sai likitoci sun zauna sun zaɓi hanyar da ta fi aminci. Ku kuma faɗa musu idan allurar hoto ta taɓa tayar mata da wani abu a jiki.

Sakamakon zai zo da kalmar Bosniak da lamba. Sunan likitan hoton da ya tsara rabe-raben ne a 1986, an kuma sabunta tsarin a 2019. Aji na I shi ne irin ta daman Mama. Aji na II shi ne mai siraran bango ɗaya zuwa uku da ba su wuce milimita 2 ba, ko jakar da ta cika da tsohon jini ta kai 70 HU ko fiye kafin allura, launinta bai ɗaya. Waɗannan biyun sallama ake yi, babu sake hoto. Aji na III yana da bango mai kaurin milimita 4 ko fiye, ko mai gargada, yana kuma shan rini, kusan rabinsu daji ne. Aji na IV akwai ƙullutun tsoka sosai, kusan tara cikin goma daji ne. Waɗannan ba na jira ba ne, wurin likitan tiyatar mafitsara ake zuwa, sau da yawa kuma sashen kawai ake cirewa a bar sauran ƙodar, a wasu tsofaffi ma sa ido ake zaɓa.

Wanda ake bibiya da hoto shi ne na tsakiya, IIF: siraran bango huɗu ko fiye, ko bango sumul mai kaurin kusan milimita 3. Mafi yawansu lafiya lau ne, kaɗan ne ke sauyawa, shi ya sa ba a yanka kuma ba a mantawa. Tsarin da aka saba shi ne hoto a wata 6, a wata 12, sannan sau ɗaya a shekara har shekara 5.

Akwai wata baiwar Allah, kusan sa'ar Mama, da muka bi haka. Jakarta santimita 2.8, siraran bango biyar, babu ƙullutu, aka sa ta a IIF. A wata shida ba abin da ya sauya. A shekara ta biyu ta dawo da kuka saboda takarda ta ce 3.1. Likitan hoto ya buɗe tsohon hoton da sabon gefe da gefe a gabanta, ya ƙirga bangon, biyar ne har yanzu, siraransu yadda suke, babu inda ya yi tudu. Ya ce mata ruwa ne ya ƙaru, ba tsoka ba. Da a ce bango ɗaya ya yi kauri ko ya fitar da ɗan ƙullutu mai shan rini, ko da girman bai motsa ba, da ta koma aji na III ko IV, zancen ya sauya. Abin da ya taimaka mata shi ne ta ajiye faifan hoton farko. Takardar rahoto kaɗai ba ta isa kwatantawa ba, don haka ku karɓi faifan Mama ku adana, in da hali ku riƙa komawa wuri ɗaya.

Kada ku jira ranar hoto idan Mama ta ga jini a fitsari, ko zazzaɓi tare da ciwon kwiɓi, ko tana ramewa ba dalili. Sannan ki tambayi dangi ko akwai mai ciwon ƙoda na gado. Jaka biyu a shekara 58 ba ta nuna hakan, amma in akwai wanda ƙodojinsa suka cika da jakunkuna a gidanku, likita ya kamata ya sani. In sakamakon ya fito, ki rubuto mana lambar Bosniak ɗin da abin da aka ce game da shan rinin.