Ɗakin ya rufe kafin in karɓi lambar mutumin da muka fahimci juna da shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sana'ar haɗa wutar sola ne a Pantami, cikin garin Gombe. Na halarci wani taron masu sana'armu ta manhajar Zoom a wayata, aka raba mu ƙananan ɗakuna, muka yi hira mai amfani da wani injiniya a kan batura. Ina shirin tambayar lambarsa sai ɗakin ya rufe, kuma sunan da ke jikinsa iPhone ne kawai. Zan iya samo shi? Kuma yaya zan yi nan gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ta cikin manhajar kanta ba za ka same shi ba, domin Zoom ba ya ba mahalarci jerin sunayen waɗanda suka zauna ɗaki ɗaya da shi bayan an tashi, kuma ba ya nuna lambar waya ko adireshin imel na kowa. Ƙofa ɗaya ce ta rage maka, wato wanda ya shirya taron. Idan sai da kuka yi rajista kafin a ba ku mahaɗin shiga, to yana da sunaye da imel ɗin mahalarta. Ka rubuta masa, ka ambaci lambar ɗakin da kuka zauna da batun da kuka tattauna, amma kada ka ce ya ba ka adireshin mutumin, saboda mai shirya taro da ya san abin da yake yi ba zai miƙa bayanan wani ba tare da izininsa ba. Ka roƙe shi ya isar da taka lambar ga injiniyan, ko ya sanya cigiyarka a saƙon godiya da akan aika wa mahalarta. Idan ba a yi rajista ba, sai dai ka jira zama na gaba.

Abin da ya faru da kai tsarin manhajar ne ya jawo shi, kuma idan ka fahimci tsarin ba zai sake maimaituwa ba. Lokacin da mai shirya taro ya rufe ƙananan ɗakuna, sanarwa takan fito a fuskar waya tana ƙirga lokaci, wanda a bisa tsarin asali daƙiƙa 60 ne, ko da yake yana iya rage shi ko ƙara shi. Da ƙirgen ya ƙare za a kwashe kowa a mayar da shi babban zaure, ko da yana tsakiyar magana. Bugu da ƙari, abin da aka rubuta a akwatin hira, wato `Chat`, a cikin ƙaramin ɗaki mutanen ɗakin ne kaɗai suke ganinsa, kuma muddin kana ciki ba za ka iya aika saƙo ga wanda yake wani ɗakin ba. Saboda haka daƙiƙu 60 ɗin nan lokacin sallama ne, musayar adireshi kuwa dole a gama ta tun kafin a kai nan.

Gyaran yana farawa ne daga sunanka. Da zarar ka shiga taro, ka taɓa `Participants`, ka taɓa sunanka, ka zaɓi `Rename`, sannan ka rubuta suna da sana'a da gari, misali Wane, haɗa sola, Gombe. Na sha halartar tarukan da rabin mahalarta suke ɗauke da sunayen wayoyinsu, har mai gabatarwa ya rasa yadda zai kira wanda ya ɗaga hannu. Wasu masu shirya taro sukan rufe damar sauya suna, don haka ya fi dacewa ka rubuta shi daidai tun a wurin da ake cike lambar taro kafin shiga. Haka kuma, idan taron ya nemi ka yi rajista da imel, ka shiga manhajar da asusun da ke kan wannan imel ɗin, domin idan an riga an raba ɗakuna tun kafin taro, da shi manhajar take gane inda za ta kai ka. Wanda ya shiga ba tare da asusunsa ba yakan tsinci kansa shi kaɗai a babban zaure bayan kowa ya watse, yana jiran a tura shi da hannu.

Bari mu ɗauki misalin ɗaki irin wanda ka shiga: mutum shida, minti 15. Idan kowa ya gabatar da kansa a minti ɗaya, shida sun tafi, saura tara, kuma a aikace minti ɗaya ko biyu na farko sukan salwanta a kan "kuna ji na?" da neman wurin buɗe makirfo. Tun kafin taro ka rubuta gajeren bayaninka a manhajar rubutu ta wayarka, ka kwafe shi, ta yadda da shigarka ɗakin sai dai ka liƙa shi a `Chat`. Layi biyu sun isa: sunanka, abin da kake yi, abin da kake nema, da hanya ɗaya ta samunka. Abin da kake nema shi ne ƙashin bayan rubutun, domin wanda ya ce yana neman mai gogewa a kan haɗa batirin lithiyom da tsohuwar inbata ya ba mutane abin amsawa, wanda kuwa ya ce ya zo ƙaruwa da juna gaisuwa kawai zai samu. Da ka ji wani ya faɗi abin da ya shafe ka, kamar yadda injiniyan nan ya yi, kada ka jira ƙarshe. Ka ce masa a bainar ɗakin: "Injiniya, sunan waya ne yake fitowa a wurinka, don Allah ka rubuta mana cikakken sunanka da inda za a same ka." Wannan ba rashin ladabi ba ne, kuma sauran mutanen ɗakin ma za su ji daɗi.

Da ya rubuta, ka ɗauki hoton fuskar wayarka nan take. Dalili shi ne, a kwamfuta akwai `Save Chat` a ƙarƙashin ɗigo uku na akwatin hira, wanda yake adana rubutun a jakar `Zoom` da ke cikin `Documents`, idan mai shirya taro bai hana ba, amma mai waya bai kamata ya dogara da samun wannan ba. Ni dai biro da takarda nake ajiyewa a gefe, domin ko sabis ya yanke ko caji ya ƙare suna nan.

Game da saƙon sirri, a akwatin hira akwai wurin da aka rubuta `Everyone`, idan ka taɓa shi sai sunayen mahalarta su fito ka zaɓi mutum ɗaya. Mai shirya taro ba ya iya karanta saƙon da mahalarta biyu suka aika wa juna ta wannan hanya, amma yana da ikon rufe ta gaba ɗaya. Alamar an rufe ita ce ba za ka ga sunan kowa a jerin ba sai nasa da na mataimakansa. Idan kuma ka ga ba ka iya ganin sauran mahalarta kwata-kwata, sai masu jawabi kawai, to irin zaman da ake kira `Webinar` kake ciki, wanda aka gina domin sauraren lacca, kuma a nan hanyarka ta bayyana kanka ita ce yin tambaya mai ma'ana da cikakken sunanka. Ka riƙa duba sunan wanda saƙo zai je wa kafin ka tura, saboda kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya aika wa jama'a duka abin da ya yi nufin mutum ɗaya.

Wannan ya kawo mu batun lambar waya, wanda nake so ka kula da shi sosai. A taron da aka yaɗa mahaɗinsa a zaurukan WhatsApp, ba ka san ko su wane ne suke ciki ba, kuma zuba lamba a gaban mutum ɗari biyu gayyata ce ga 'yan damfara. Salonsu sananne ne a ƙasar nan: wani zai kira ka cikin ladabi, ya ce daga wurin masu shirya taro yake, an turo maka lambobi shida na shiga zama na gaba, ka karanto masa. Lambobin nan na tabbatar da asusunka na WhatsApp ne, kuma da ka faɗe su ya ƙwace asusun, ya shiga neman kuɗi a wurin 'yan uwanka da sunanka. Saboda haka a babban zaure ka sanya imel ko adireshin shafinka na LinkedIn, lambar waya kuma ka bar ta sai a saƙon sirri ga wanda kuka yi magana da shi. Ka kuma kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp ɗinka tun yau:

```
Settings > Account > Two-step verification
```

Akwai kuma matsalar sabis, wadda mu a nan ba ma rabuwa da ita. Murya kaɗai tana cin tsakanin kilobit 60 zuwa 80 a daƙiƙa, abin da bai wuce megabayit 36 a awa ba, alhali hoton taron jama'a yana buƙatar kusan kilobit 600 na saukowa, wato kimanin megabayit 270 a awa, ban da abin da kyamararka take aikawa. Shawarata ita ce ka rufe kyamara a lokacin jawabai, ka buɗe ta a ƙaramin ɗaki, ko da na minti ɗayan da za ka gabatar da kanka ne, domin fuskar da aka gani ita ake tunawa. Idan sabis ya jefo ka waje ka dawo ka tarar da kanka a babban zaure, ka nemi `Breakout Rooms` ka koma ɗakinka, in ba ka gan shi ba ka rubuta wa mai shirya taro lambar ɗakin. Wajen fita kuma ka lura, `Leave Breakout Room` babban zaure yake mayar da kai, `Leave Meeting` kuwa fitar da kai yake yi daga taron baki ɗaya.

Saƙon bibiya ka aika shi a ranar, ko washegari da safe, kafin mutumin ya manta da muryarka. Sallama kaɗai ko "ina wuni" daga baƙuwar lamba ba kasafai ake amsa su ba, don haka ka haɗa gaisuwar da bayanin a saƙo guda, cikin harshen da kuka yi hira da shi. Ga yadda naka zai kasance: "Assalamu alaikum Injiniya, da fatan an tashi lafiya. Ni ne Wane mai haɗa sola daga Gombe, mun zauna ɗaki na huɗu a taron jiya. Bayanin da ka yi a kan saita cajin batirin lithiyom ya yi mini amfani. Ina da aiki a gidan wani mai inbata mai ƙarfin bolt 24, ko zan iya turo maka hoton saitinta ka duba idan ka samu sarari?" Saƙon ya tuna masa inda kuka haɗu, ya nuna ka saurare shi, kuma ya nemi abu ɗaya ƙarami da zai iya amsawa cikin minti biyu. Idan ta LinkedIn ne, rubutun da ake haɗawa da gayyatar sada zumunci gajere ne ƙwarai, don haka ka tsaya a kan sunan taron da batun da kuka tattauna, tambayar ta biyo baya idan ya karɓa. Kada ka fara da neman aiki ko jari, kada ka kira shi ta bidiyo ba tare da sanarwa ba, kuma idan mace ce ka tsaya a hanyar da ita da kanta ta bayar. In mako ya wuce shiru, ka sake tuntuɓarsa sau ɗaya tare da wani abu sabo, kamar sakamakon gwada shawarar da ya bayar, daga nan ka bar masa zaɓin amsawa.