Mai Shan Asfirin Kullum, Yana Kurɓar Bilbil Ranar Kasuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Garwa, shekarata 57. Bara ɓarin jikina ya ɗan shanye, Allah ya ba ni sauƙi, likita ya ɗora ni a kan asfirin miligiram 100 kullum. Ina jin kunyar faɗa, amma ranar kasuwa nakan sha ƙoƙo ɗaya ko biyu na bilbil, wato giyar dawa, ba na buguwa. Wani ya ce min Imam Abu Hanifa ya halatta ɗan kaɗan daga giyar dawa, kuma ita ma tana tsinka jini. Kwana uku ke nan bayan gidana baƙi ƙirin, ga jiri in na miƙe, ina shan dikulofenak saboda ciwon baya. Shin ya halatta in bar ƙwayar in riƙe ɗan bilbil ɗin a matsayin magani?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka ajiye babbar magana a wutsiyar wasiƙarka. Baƙin bayan gida tare da jiri, ga mai shan asfirin, alama ce ta jini yana zuba a cikin ciki. Jinin da ya fito daga tumbi yakan narke a hanya, shi ya sa ba ya fitowa ja, sai baƙi mai danƙo kamar kwalta, da wari na daban. Ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta bayan gida, amma ba ka ce kana shanta ba, kuma ita ba ta sa jiri. Saboda haka tafiya asibiti ta wajaba a kanka yau, kafin ka gama nazarin sauran amsar. In ka yi amai da jini, ko amai mai kama da jiƙaƙƙen garin kofi, ko zuciya ta riƙa dukan uku-uku, to ko da tsakar dare ne a ɗauke ka, kada ka tuƙa babur da kanka.

Ga yadda likitocin da nake zama da su suka fahimtar da ni. Tumbi yana fitar da ruwa mai tsami ƙwarai don narkar da abinci, Allah kuma ya shimfiɗa masa wani yauƙi a bango don kada ruwan ya ci shi. Asfirin yana rage sinadarin da ke sa a samar da wannan yauƙi, ko da ka sha shi bayan ka ci tuwo, domin ta cikin jini yake wannan aikin. Ban da haka, akwai ƙananan ƙwayoyin jini da ke ruguwa su manne a bakin rauni su toshe shi. Asfirin yana kashe musu wannan mannewa har ƙarshen rayuwarsu, wato kwana 7 zuwa 10. Amfanin da aka ba ka shi dominsa ke nan, don kada jini ya dunƙule ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa kamar bara.

To sai giya ta zo ta sauka a kan bangon da yauƙinsa ya riga ya yi ƙaranci. Tana ƙona shi kai tsaye, tana ƙara tsamin tumbi, kuma ita ma tana raunana waɗancan ƙwayoyin masu toshe rauni. Ga rauni ya buɗe, ga masu toshe shi an ɗaure musu hannu ta fuska biyu. Kai kuma ka ƙara dikulofenak, wanda ɗan gida ɗaya ne da asfirin wajen cinye yauƙin, shi da ibufurofen. Wanda ya ce maka bilbil tana tsinka jini ya faɗi wani yanki na gaskiya, sai dai wannan yankin shi ne haɗarin da kake ciki yanzu. Asfirin awo gare shi, miligiram 100. Ƙoƙon bilbil kuwa ba shi da awo, ƙarfin na safe ma ba ɗaya yake da wanda ya wuni yana tsima ba.

Ga masu karatu da ke shan magungunan tsinka jini irin su warfarin ko sintirom, abin ya fi haka tsanani. Hanta ce ke sarrafa waɗannan magunguna. In mutum ya sha giya da yawa a zama ɗaya, hantar takan shagala da ita, maganin ya taru a jiki, gwajin daskarewar jini na INR da ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3 ga mafi yawan majinyata ya haura, jini ya ƙi daskarewa.

Haramcin abin da ke bugarwa ba ya bukatar doguwar magana. Abin da zan tsaya a kansa shi ne maganar da aka jingina wa Abu Hanifa, Allah ya ji ƙansa. Gaskiya ne an ruwaito cewa ya taƙaita sunan hamru, wato giyar da Alƙur'ani ya haramta, ga ruwan inabi, ya sassauta a kan abin da aka jiƙa na hatsi da zuma matuƙar bai kai ga buguwa ba. Amma almajirinsa Muhammad bin Hasan Shaibani ya saɓa masa, ya haramta kaɗan da mai yawa, kuma Hanafawa da kansu a kan maganar Muhammad suke ba da fatawa. Malik da Shafi'i da Ahmad duk sun haramta. Kai da ka tashi a kan Malikiyya, me ya kai ka ɗauko abin da masu mazhabar suka ajiye?

Kuma mas'alarka da sunanta ta zo. Abu Musal Ash'ari, da aka aike shi Yaman, ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da abin sha biyu: wanda ake yi da zuma, da mizru wanda ake yi da dawa da sha'ir. Amsar ita ce duk abin da ke bugarwa haramun ne. Mizru kuwa ɗan'uwan bilbil ne, ɗan'uwan burkutu. Kace-nace a kan cewa ƙoƙo ɗaya ba ya bugar da kai, hadisin nan ya yanke shi: abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa haramun ne. Ko a sassaucin da aka ruwaito ma, an gindaya cewa ba don wasa da nishaɗi ake sha ba, balle a sha alhali yana zubar wa mutum da jini. Batun magani kuma, Ɗariƙu bin Suwaid ya ce wa Annabi yana yin giya ne don magani, Annabi ya ce masa ita ba magani ba ce, cuta ce. Malamanmu abin da suka yi rangwame a kai shi ne wanda loma ta shaƙe shi, yana tsoron mutuwa, babu komai kusa sai ita.

Don haka bai halatta ka musanya ƙwayar da bilbil ba, bai kuma halatta ka haɗa su ba. Dikulofenak ka daina tun yanzu. Asfirin kuwa ba kai za ka yanke hukuncinsa ba, ba ni ba: likita ne zai auna zubar jinin da haɗarin dawowar shanyewar jiki, ya ce a dakata ko a ci gaba, sau da yawa ya haɗa maka da maganin kare tumbi irin su omefurazol.

Na san abin da zai yi maka nauyi shi ne faɗa masa kana sha. Ka faɗa. Wannan ba ya cikin bayyana saɓo da aka hana, domin bukata ce, kuma shi amana aka ɗora masa. Ka faɗi ƙoƙo nawa, sau nawa a mako, ko akwai argi, wato giya mai ƙarfi, ko ta leda a ciki. In gaskiyar ta wuce ranar kasuwa ta zama kullum, wannan ma ka faɗa, domin wanda jikinsa ya saba, in ya yanke lokaci ɗaya yakan kamu da karkarwa ko farfaɗiya cikin kwana biyu zuwa uku, gara tubar ta same shi a hannun likita.

Ka zuba duk ƙwayoyin da kake sha a leda ɗaya, har na mai tebur da jiƙe-jiƙen gargajiya, ka tafi da su. Allah ya ba ka lafiya, ya karɓi tubarka. Wallahu a'alam.