Rauta Ta Daina Aiki Bayan Katsewar Sabunta Manhajarta: Yadda Ake Farfaɗo da Ita

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cikin sabunta manhajar rauta tawa ƙirar ASUS sai wuta ta ɗauke, aikin bai wuce rabi ba. Yanzu idan na kunna ta fitila ɗaya ce kawai take kamawa, wai-fai ba ya fitowa, shafin saituna ma ba ya buɗewa. Na danna Reset sau da yawa amma babu canji. Ta mutu ke nan, ko akwai gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Da wuya a ce ta mutu, kuma fitilar nan da take kamawa alama ce mai kyau. Ma'adanar da ke cikin rauta a rarrabe take. Akwai ɗan ƙaramin sashe mai ɗauke da manhajar tayarwa, wadda ita ce take fara aiki da zarar an ba na'urar wuta, sannan akwai babban sashe mai ɗauke da ainihin manhajar da ke tafiyar da wai-fai da shafin saituna, sai kuma wani sashe da ake ajiye saitunanka a ciki. A yawancin lokuta sabuntawa babban sashen kaɗai take sharewa ta sake rubutawa. Saboda haka abin da ya faru shi ne an share tsohuwar manhaja, ba a gama rubuta sabuwar ba, manhajar tayarwa kuwa tana nan lafiya lau, ta farka ne kawai ba ta sami wadda za ta miƙa wa aiki ba.

Wannan ne ma dalilin da ya sa danna Reset bai amfane ka ba. Maɓallin, a yadda aka saba danna shi, saituna yake gogewa, kamar sunan wai-fai da kalmar sirri, ba ya dawo da manhajar da ta lalace. Amma yana da wani aiki na biyu, wanda shi ne za mu yi amfani da shi.

Kafin ka taɓa rautar, ka nemi intanet ta wata hanya, ko da ta wayarka ce, ka sauke abu biyu daga shafin tallafi na kamfanin zuwa kwamfuta: fayil ɗin manhajar rautar, da ƙaramar manhajar ceto mai suna Firmware Restoration. A nan ne nake son ka nutsu sosai. Ka juya rautar ka karanta takardar da ke manne a ƙasanta, ka tabbatar lambar samfurin ta yi daidai harafi da harafi da wadda ke kan fayil ɗin, har da lambar zubi idan an rubuta, irin su V2 ko B1, domin rautoci biyu masu suna kusan ɗaya suna iya bambanta kwata-kwata a kayan cikinsu. Idan fayil ɗin ya zo a dunƙule a matsayin `.zip`, sai ka kwance shi tukuna, domin na cikinsa ake turawa.

Daga nan sai ka cire duk wayoyin da ke jikin rautar, ka haɗa ta da kwamfuta da kebul ɗin intanet guda ɗaya, ka sa shi a kafar `LAN 1`, ba a kafar `WAN` ba. Ka kashe wai-fai na kwamfutar. Da yake rautar ba ta iya raba adireshi a halin da take ciki, dole ne ka rubuta wa kwamfutar adireshi da hannunka a saitin `IPv4` na katin kebul: adireshi `192.168.1.10`, sai `255.255.255.0` a gurbin `Subnet mask`. Ka kuma dakatar da katangar tsaro ta Windows na ɗan lokaci, domin ita ce kan gaba wajen hana wannan aiki tafiya ba tare da ta faɗi dalili ba.

Yanzu ka zare wayar wutar rautar, ka danne Reset, ka mayar da wutar alhali kana riƙe da shi, kada ka saki har sai fitilar wuta ta fara ƙyaftawa a hankali. Wannan ƙyaftawar tana nufin manhajar tayarwa ta tsaya tana jiran a turo mata fayil. Kana iya tabbatarwa ta hanyar rubuta wannan umarni a `Command Prompt` na Windows:

```
ping 192.168.1.1
```

Idan amsa ta dawo, hanya ta buɗe. A rautocin da ke amfani da manhajar tayarwa ta CFE, wato masu ƙwaƙwalwar Broadcom, sau da yawa za ka ga `TTL=100` a ƙarshen layin, wanda ke nuna manhajar tayarwa ce take amsawa, saɓanin `TTL=64` da cikakkiyar manhaja take bayarwa. Sai ka buɗe Firmware Restoration, ka zaɓi fayil ɗin, ka danna `Upload`. Idan manhajar ceton ta ce ba ta ga rauta ba alhali `ping` yana amsawa, ana iya tura fayil ɗin kai tsaye, bayan ka kunna `TFTP Client` a cikin `Windows Features`, kana mai sa ainihin sunan fayil ɗinka, kuma ka rubuta umarnin daga cikin foldar da fayil ɗin yake:

```
tftp -i 192.168.1.1 put firmware.trx
```

Turawar kan ɗauki daƙiƙoƙi ne kawai, kuma a nan mutane da yawa suke sake ɓata aikin, domin suna ɗauka an gama. Isar fayil daban, rubuta shi a ma'adana daban. Ka bar rautar aƙalla minti biyar zuwa goma ba tare da ka taɓa komai ba, kuma a wannan karon ka tabbatar tun kafin ka fara aikin ka jona ta a wutar da ba za ta yanke ba, kamar ta na'urar ajiyar wuta mai batir. Idan ta tashi, sai ka yi mata Reset na yau da kullum don share ragowar tsofaffin saituna, ka mayar da kwamfutar kan karɓar adireshi da kanta, ka kunna katangar tsaro. Kada ka firgita idan shafin saituna bai buɗe a tsohon adireshi ba, domin sababbin samfuran kamfanin da yawa suna tashi ne a `192.168.50.1`.

Ga masu wasu ƙirar, tushen maganar ɗaya ne, tsarin ne ya bambanta. Yawancin D-Link suna buɗe wani ɗan shafin gaggawa a `192.168.0.1` inda ake ɗora fayil. Wasu TP-Link su ne suke zuwa neman fayil a kwamfuta mai adireshi `192.168.0.66`, kuma sai an sa wa fayil ɗin takamaiman sunan da suke nema. Netgear kuma ana tura mata fayil ne da wata manhaja mai suna `nmrpflash`. Wasu Linksys kuwa suna ajiye manhaja kofi biyu, ta yadda idan aka katse tashinsu sau uku a jere sukan koma kan ɗayan.

Idan ka bi duk wannan amma fitilar ta ƙi ƙyaftawa, fitilar kafar kebul ba ta kamawa, `ping` kuma shiru, ka fara gwada wani kebul da wata kafar, da kuma wata cajar mai ƙarfin wuta daidai da nata, domin dawowar wuta da ƙarfi tana iya raunana caja. In har yanzu babu motsi, mai yiwuwa lalacewar ta kai ga manhajar tayarwa. Abin da ya rage shi ne a buɗe akwatin a haɗa da allon ta fil ɗin siriyal, wanda galibi ke aiki da bolt 3.3 da gudun 115200, ko a rubuta ma'adanar da na'ura ta musamman. Ba na ba wanda bai saba ba shawarar ya gwada, domin bolt 5 a kan waɗannan fil ɗin yana iya ƙona allon, kuma sake rubuta ma'adanar gaba ɗaya yana iya shafe bayanan daidaita rediyo da aka sa wa kowace rauta tun daga masana'anta. Idan garantinta bai ƙare ba, ka mayar da ita ga kamfanin a rufe yadda take, domin buɗe akwatin kan soke garantin.