Yadda ake fitar da hujja daga darasin falsafa

"Malaminmu a Jami'ar Jihar Gombe ya koyar da hujjar Descartes, masanin falsafa ɗan Faransa, kan hankali da jiki. Yaya zan tsara ta kafin in rubuta maƙala?"

Ɗan'uwa, fara daga ƙarshe. Nemo abin da ake son ka yarda da shi, ka rubuta shi a ƙasa: hankali daban, jiki daban. Sannan ka jera dalilan a samansa. Na farko, ina iya shakkar samuwar jikina. Na biyu, ba na iya shakkar samuwar hankalina.

Ka ga har yanzu sakamakon bai fito ba? Akwai dalili na uku da ba a furta ba: in ana shakkar wani abu amma ba a shakkar ɗayan, to ba abu ɗaya ba ne. A nan maƙalarka za ta yi zama, domin dalilin yana da rauni: mutum kan yi shakkar ko wane ne wanda ya rufe fuska, ba ya shakkar ko wane ne mahaifinsa, alhali mai rufe fuskar mahaifin nasa ne.

Kada ka ƙirga misalan malam cikin dalilai. Kai masa tsarin ya duba kafin ka soma rubutu.